Yadda ake zaɓen rigar sanyu ga mai barin Garwa zuwa ƙasar ƙanƙara

Sanyin da muka sani a Garwa da Marwa da Injamena sanyin asuba ne. A Disamba da Janairu iskar hunturu takan kaɗa, leɓe ya tsage, mutum ya sa suwaita ya tafi masallaci, amma kafin hantsi ya cire ta. A yawancin dararen wannan lokaci, ma'aunin zafi yakan tsaya ne wajen digiri 14 zuwa 18 sama da sifili. Wanda zai tafi karatu ko aiki a Montreal ta ƙasar Kanada cikin Janairu zai tarar da matsakaicin yanayin watan yana wajen digiri 10 ƙasa da sifili, kuma akwai ranakun da ake wayar gari da 20 ko 25 ƙasa da sifili. Zan bi wannan tafiyar ne daga farko har ƙarshe, domin ita ce mafi tsanani cikin waɗanda 'yan'uwanmu suka saba yi, kuma wanda ya fahimce ta zai san abin da zai rage idan Faransa ko Beljiyam ya nufa.

Kafin a taɓa aljihu, akwai abu ɗaya da ya kamata ya zauna a kai. Riga ba ta haifar da ɗumi. Jikinka ne yake fitar da zafi, aikin riga kuwa shi ne ta tsare iskar da jikin ya ɗumama don kada ta gudu. Kamar kular abinci take: ba ta dafa tuwo, riƙe zafinsa kawai take yi, kuma idan murfinta bai rufu da kyau ba, kaurin jikinta bai amfana komai ba. Saboda haka nauyin riga ba shi ne ɗuminta ba. Abin dubawa shi ne yawan iskar da take riƙewa a cikinta, da yadda take hana iskar waje shiga, da kuma ko tana barin gumi ya fita. Abubuwa biyu ne suke rusa wannan aiki, wato iska mai kaɗawa da danshi. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu, shi ya sa jiƙaƙƙiyar riga a cikin sanyi ta fi haɗari a kan riga marar kauri amma busasshiya.

Mataki na farko: san sanyin garin da za ka, ba na ƙasar ba

Buɗe manhajar yanayi a wayarka, ka rubuta sunan garin, ka duba Janairu da Fabrairu. Lambobi biyu za ka nema: mafi ƙarancin ma'auni da dare, da kuma wadda ake rubuta wa “ressenti” ko “refroidissement éolien”, wato sanyin da fata take ji idan an haɗa da ƙarfin iska. Ranar da ma'auni ya nuna 18 ƙasa da sifili kuma iska tana kaɗawa, fata za ta iya jin kamar 28. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa daga wannan mataki fatar da ke buɗe za ta iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30.

Paris da Brussels daban suke. A can Janairu yakan tsaya ne 'yan digiri kaɗan sama da sifili, amma da yayyafi da danshi kusan kullum. Mai zuwa can ya fi bukatar riga matsakaiciya wadda ruwa ba ya ratsa ta. Idan ya sayi irin ta Montreal zai yi ta gumi a cikin jirgin ƙasa, kuɗinsa kuma ya tafi a banza.

Sai ka tambayi kanka tsawon lokacin da za ka riƙa tsayuwa a waje. Mai tafiya da sauri jikinsa yana hura masa wuta. Mai tsayuwa a tashar bas minti 15 da ƙarfe 7 na safe shi ne sanyi yake samu, kuma yawancin sababbin zuwa haka rayuwarsu take. Don wannan tsayuwar za ka sayi rigarka.

Mataki na biyu: abin da za ka saya a nan, da abin da za ka bari sai ka isa

Shawarata ita ce kada ka sayi babbar rigar a gida. A layin 'yan gwanjo na kasuwar Garwa ko ta Injamena ana samun jaket masu kyan gani, amma akasarinsu na matsakaicin sanyi ne, kuma babu yadda za ka gwada su da gaske a garin da rana take dukan ka. Wanda zai isa a ƙarshen Agusta ko Satumba ma ba shi da wata gaggawa, don yana da kusan wata biyu kafin sanyi ya kankama. Ya tafi da suwaita da jaket mai sauƙi, ya sayi sauran a can.

Mai sauka a Janairu kuwa dole ya riƙe abin da zai kai shi daga filin jirgin Trudeau na Montreal zuwa masauki, ya kuma riƙe shi kwana biyu ko uku kafin ya je shago. A nan gwanjo yake da rana. Nemi suwaita ta ulu ko irin mai laushin nan da ake rubuta wa “polaire”, da jaket mafi kauri da ka samu mai hula a jikinta, da hular sanyi mai rufe kunne, da safar hannu, da safar ƙafa mai kauri, da dogon wando mai manne wa jiki irin na 'yan ƙwallo. Ka zuba su a jakar hannu wadda za ka shiga jirgi da ita. Akwati yakan makara a hanya, musamman idan an canja jirgi a Paris ko Kasablanka ko Istanbul, kuma ba ka so ka fito ƙofar filin jirgi da shadda kaɗai a jikinka. Ka sa kayan tun a cikin ginin. Idan akwai ɗan'uwa da zai tarye ka, ka roƙe shi ya zo maka da aron riga, ba abin kunya ba ne, kowa da haka ya fara.

Mataki na uku: jera kayan ciki kafin a zo kan babbar riga

Dalilin da ya sa ba a dogara da riga ɗaya tilo shi ne, a yini guda za ka ratsa yanayi iri-iri. Ɗakinka da ajinku da ofis suna wajen digiri 20 zuwa 22, jirgin ƙarƙashin ƙasa da ɗumi, titi kuma yana 15 ƙasa da sifili. Kana bukatar kayan da za ka iya ragewa da ƙarawa. Hawa uku ake yi.

Hawan farko shi ne wanda yake taɓa fata, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure, saboda mun tashi da sanin cewa auduga ita ce tufa mai kyau. A zafin Garwa gaskiya ne, domin tana shan gumi ta riƙe shi ta sanyaya jiki. Wannan halin nata shi ne yake cutarwa a cikin ƙanƙara. Ka yi sauri ka kama jirgi, ka yi gumi a ciki, singiletinka ta jiƙe, sai ka fito titi da jiƙaƙƙen ƙyalle manne a bayanka. Babu rigar da za ta cece ka daga wannan, komai tsadarta. Saboda haka na ciki ya zama foliyesta ko ulu mai laushi da ake rubuta wa “mérinos”, mai dogon hannu, mai kama jiki ba tare da matsewa ba. Ulun ya fi tsada, amma ba ya saurin wari kuma yana riƙe ɗumi ko ya ɗan yi danshi. Foliyesta ta fi araha kuma ta fi saurin bushewa. Saiti biyu, riga da wando, sun isa a fara da su, ana wanke ɗaya ana sa ɗaya.

Kada ka manta da ƙafafu. Wandon jins shi kaɗai auduga ne, iska tana ratsa shi, kuma yana yin sanyi ƙarara a cinya. Daga digiri 10 ƙasa da sifili ka sa dogon wandon ciki a ƙarƙashinsa.

Hawa na biyu shi ne suwaita ta ulu ko “polaire”. Mai zif a gaba ta fi, don kana iya buɗe ta da zarar ka shiga wuri mai ɗumi. Siraran suwaita biyu sun fi ƙatuwa ɗaya amfani.

Hawa na uku ita ce babbar rigar.

Mataki na huɗu: karanta abin da aka cusa a cikin rigar

A shafukan shaguna za ka ga sunaye uku. “Doudoune” ita ce mai kumbura mai ɗinki layi-layi, sau da yawa gajera. “Manteau” suna ne na kowace babbar riga, har da kwat ɗin ulu mai maɓalli irin na ma'aikatan ofis, wanda yake da kyau a ido amma iska tana shiga ta wuyansa da tsakanin maɓallansa. “Parka” ita ce doguwa mai hula, mai ƙyalle mai tauri a waje da abin ɗumi a ciki. Ita za ka nema don Montreal.

Juya rigar ka nemo ɗan farin ƙyallen da ke ɗinke a gefen ciki. Abin ɗumin ɗayan biyu ne. Ko dai laushin gashin agwagwa ko na dinya, wanda ake rubuta wa “duvet”, ko kuma zaren foliyesta da aka yi shi kamar abawa.

Idan gashin tsuntsu ne, za ka ga lamba irin 80/20 ko 90/10. Ta farko ita ce kason laushin gashi, ta biyu kason fuka-fukai masu tsinke. Laushin ne yake riƙe iska, don haka kada ka sauka ƙasa da 70/30. Akwai wata lamba kuma da ake rubuta wa “fill power” ko “cuin”, kamar 550 ko 650 ko 800. Tana nuna yawan kumburin da gashi mai nauyin giram 28 yake yi. Mai 800 ya fi mai 550 kumbura, wato da ɗan kaɗan ake samun ɗumi mai yawa. A nan ake ruɗin masu saye. Siririyar jaket mai 800 wadda aka zuba wa gashi kaɗan ba ta kai ƙatuwar riga mai 600 da aka cika da shi ɗumi ba. Lambar tana gaya maka ingancin gashin ne kawai, yawansa kuwa hannunka ne zai gaya maka: matsa rigar tsakanin tafukanka, ka ji kaurinta, ka sake ta ka ga ko ta komo da sauri. Ga mai zama a gari, 550 zuwa 650 a riga mai kauri ya wadatar.

Gashin tsuntsu ya fi ɗumi a kan nauyinsa kuma yana daɗewa shekaru idan an kula da shi, amma idan ya jiƙe sai ya dunƙule, ɗuminsa ya tafi har sai ya bushe sarai. Zaren foliyesta ya fi nauyi, yana kwanciya bayan 'yan shekaru, amma yana ci gaba da aiki ko da danshi, wankinsa ba wuya, kuma ya fi araha. Akan rubuta kaurinsa da giram a kowane murabba'in mita. Mai 60 zuwa 100 na sanyi mai sauƙi ne, don tsananin hunturu sai ka nemi wajen 200 ko fiye. Ga ɗalibin da kuɗinsa ƙididdigagge ne, ni na fi karkata ga foliyesta mai kauri a shekarar farko. Babu laifi a cikinta, kuma idan ya ga hunturu ɗaya da idonsa zai san abin da yake so.

Wasu riguna suna ɗauke da rubutu kamar “-25 °C” ko “-30 °C”. Kamfanin da ya ɗinka ne ya yanke wannan da kansa, babu ma'auni guda da duk kamfanoni suke bi, kuma galibi ana nufin mutum mai motsi wanda ya sa kayan ciki daidai. Jikin da ya taso a zafin arewacin Kamaru ko Cadi ya ɗauki lambar a matsayin kusan abin, ya ƙara wa kansa rata.

Mataki na biyar: gwaji a cikin shago

Wannan matakin ya fi duk lambobin da na ambata muhimmanci, kuma shi ne dalilin da ya sa ba na son a yi odar rigar farko ta intanet. Ka je shago sanye da hawa biyun da za ka riƙa sawa, na ciki da suwaita. Sa rigar, ja zif har ƙarshe, sannan ka yi waɗannan abubuwa a gaban madubi.

Miƙa hannuwanka gaba kamar za ka rungumi wani. Idan bayan rigar ya ɗaure ko wuyan hannunka ya fito fili, ta yi maka kaɗan. Riga mai matsewa tana danne abin ɗumin da ke cikinta, ta kore iskar da ake so ta riƙe. Ɗaga hannuwa sama ka ga ko ƙugunka ya buɗe. Zauna a kujera ka ji ko tana shaƙe ka. A ɗaya gefen kuma, idan ta yi burum-burum har iska tana iya shiga ta ƙasa ta fita ta wuya, ɗuminka zai riƙa tsiyayewa duk taku. Abin da ake so shi ne tafin hannunka ya iya shiga tsakanin suwaita da riga cikin sauƙi, ba fiye da haka ba.

Tsawonta ya kai tsakiyar cinya, ko ya kusa gwiwa. Jaket mai tsayawa a ƙugu tana barin mazaunai da cinyoyi a fili, kuma a tashar bas nan ne sanyi yake fara cizo.

Daga nan sai ka bi duk kafar da iska za ta iya shiga. Zif ya zama yana da marfin ƙyalle a kansa, don haƙoran zif ba sa tare iska. Mai buɗewa ta sama da ta ƙasa ya fi a doguwar riga, saboda zama da hawa matakala. Wuyan rigar ya hau har haɓa. Hular ta zama mai abin ɗumi a ciki, mai igiyar ja, kuma ta iya hawa kan hular sanyinka ko kan hijabi ba tare da ta rufe ido ba. Bakin hannu ya zama da roba ko saƙa a ciki mai kama wuyan hannu. Sai ka duba ɗinkin. Idan layukan ɗinki sun ratsa daga waje har ciki, to a kan kowane layi babu abin ɗumi, sanyi yana bi ta nan. Rigar da take da shafaffen ƙyalle a waje wanda ya rufe waɗannan layuka ta fi. A jikin ƙyallen wajen nemi “coupe-vent”, wato mai tare iska, da “imperméable” ko aƙalla “déperlant”. “Imperméable” ruwa ba ya ratsa shi, “déperlant” kuwa yana zamar da yayyafi da dusar ƙanƙara na ɗan lokaci ne kawai.

Game da kuɗi, farashin da ke jikin riga a Quebec, lardin da Montreal take ciki, bai haɗa da haraji ba, a wurin biya za a ƙara kusan kashi 15 cikin ɗari. Shaguna sukan karya farashi daga 26 ga Disamba zuwa cikin Janairu, wanda ya yi wa mai zuwa a wannan lokaci daidai. Suna da nasu gwanjon ma, irin su Renaissance da Village des Valeurs. Idan a can za ka saya, ɗaga rigar saitin fitila ka shafa ta ko'ina, musamman kafaɗu da baya inda jaka take dannewa. Wurin da ka ji ƙyalle biyu sun haɗu babu komai a tsakani, abin ɗumin ya mutu ko ya zube ƙasa. Ja zif sau da yawa, don gyaransa a can yana iya kaiwa kusan kuɗin rigar.

Mataki na shida: abin da riga ba ta rufewa

Kada ka ƙarar da kuɗinka duka a kan riga. Mutum mai riga matsakaiciya da takalmi mai kyau ya fi mai riga ta alfarma da kambas jin daɗi. Takalmin ya zama mai rufe idon sawu, wanda ruwa ba ya shiga, mai abin ɗumi a ciki da tafi mai zurfin zane saboda santsi. Ka gwada shi da safar ulu mai kauri, yatsunka su iya motsi. Safa biyu a matsattsen takalmi suna hana jini gudu, ƙafa ta ƙara yin sanyi. Safar hannu mai haɗe yatsu huɗu wuri ɗaya ta fi mai rarrabe su ɗumi. Sai hula mai rufe kunne da mayafin wuya da za a iya ja har hanci.

Tufafinmu na gida ba sai an ajiye su ba. Ranar Juma'a ana sa kayan ciki na ɗumi, a ɗora kaftani, a ɗora babbar rigar sanyi a sama. 'Yar'uwa mai sa abaya ko zane ta sa wandon ɗumi a ƙarƙashi, ta kuma rage tsawon abayar kada ta riƙa jan ƙasa, domin ana zuba gishiri a tituna don narkar da ƙanƙara, kuma wannan caɓin yana jiƙa bakin tufa ya bar farin tabo. Hijabin auduga ko na siririn yadi ba ya maye gurbin hula, sai a sa 'yar hular ulu a ƙarƙashinsa. Bayan alwala kuma a goge fuska da hannu da ƙafa su bushe sarai kafin a fita, a shafa man kaɗanya ko basilin, don iskar ɗakunan da ake ɗumamawa tana busar da fata kamar hunturun gida.

Yadda za ka gane ko ka yi daidai

A fitarka ta farko, tsaya a waje minti goma ka saurari jikinka. Idan sanyi yana zuwa daga wuri ɗaya, kamar wuya ko ƙugu ko wuyan hannu, kafa ce, toshe ta da mayafi ko ka ja igiya. Idan ko'ina ne a hankali, ƙara suwaita. Idan kuwa ka ji daɗi da farko, sai bayan ka fito daga jirgi ko shago sanyi ya kama bayanka, gumi ne: ko dai akwai auduga a jikinka, ko ba ka buɗe zif ka cire hula da ka shiga wuri mai ɗumi ba. Ka saba da buɗewa tun kafin gumin ya fito.

Alamar haɗari ita ce kunne ko hanci ko yatsa ya daina zafin sanyi ya koma ba ka jin sa. A baƙar fata ba lallai ka ga fari ko ja ba, wurin yakan yi toka-toka ya taurare. Shiga ɗaki nan take. Kada ka murza shi, kada ka kara shi a jikin hita, don fatar da ba ta ji tana ƙonewa ba ka sani ba. Sa shi a ruwa mai ɗumi daidai jiki, wajen digiri 37 zuwa 39. Idan jin bai dawo ba ko ƙuraje masu ruwa sun fito, a tafi asibiti.

Da ka dawo gida ka rataye rigar a fili ta bushe, kada ka cusa ta a jaka. Mai gashin tsuntsu idan an wanke ta, ana busar da ita a injin busarwa da wuta kaɗan, tare da ƙwallayen tanis biyu ko uku da za su riƙa bugun gashin yana warwarewa, kuma ba a cire ta sai babu sauran dunƙule ko ɗaya, in ba haka ba za ta yi warin danshi. Idan hunturu ya wuce a Afrilu, a ajiye ta a rataye ko a babban buhun yadi, domin matse ta a leda na wata shida yana kashe kumburinta.